Me Ya Sa Farashinsu Yake Zama Ɗaya?

 Gaisuwa ga mutanen Ingal da kewaye, da na Tegidda, da makiyayan da ke sauraronmu a bakin rijiyoyi da tafkuna, da direbobin da ke kan hanyar Tawa zuwa Agadas.

Akwai maganar da ba ta ƙarewa a bakin mai cefane. Ya je wurin babban mai hatsi na farko ya taya buhun gero, an faɗa masa kuɗi. Ya wuce wurin na biyu, kuɗin dai shi ne. Ya ƙarasa wurin na uku, ko dala ba ta bambanta ba. Sai ya dawo gida yana cewa, wallahi mutanen nan sun haɗa baki. Yau a kan wannan zargi za mu tsaya. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa babu wani taro da aka yi, babu wanda ya kira wani a waya, babu rantsuwar da aka sha, kuma duk da haka farashin ya tsaya wuri ɗaya, a sama da inda ya kamata ya tsaya. Masana tattalin arziki suna kiran irin wannan kasuwa oligofoli, wato kasuwar da manyan masu sayarwa ƙalilan suka riƙe. Ya kamata mu san yadda take aiki, domin wanda bai gane cuta ba, maganin da zai saya ma asara ne.

Mu fara da ware tsaki da tsakuwa, don ba kowane farashi iri ɗaya ne abin tuhuma ba. Man fetur a gidajen mai na Nijar kuɗinsa ɗaya ne saboda hukuma ce ke yanke shi. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauko da lita daga sefa 540 zuwa 499, kuma ba masu gidajen mai ne suka zauna suka zaɓi wannan adadi ba. Haka kuma idan ka shiga layin masu sayar da tumatir ko albasa, ka tarar da mutum ashirin duk kashinsu kuɗi ɗaya, wannan ma ba haɗin baki ba ne. Sun yi yawa, kayansu iri ɗaya, wanda ya ɗaga ko kaɗan ya kwana da kayansa, ribar kuma ta riga ta yi siriri har ba wanda zai iya saukowa. Wannan farashi ɗaya ne na gasa, kuma shi ne alherin mai saye. Na ukun shi ne abin da ya dame mu: masu sayarwa uku ko huɗu, ribarsu mai kauri, kowannensu yana da halin ragewa ya ci gaba da cin riba, amma ba mai ragewa.

To me ke hana su? Bari mu yi lissafi. Adadin da zan kawo misali ne na ƙirƙira don a gane, ba littafin cinikin wani ba ne.

Mu ƙaddara a wani gari mai kama da namu akwai manyan ƴan kasuwa uku da ke kawo gero da babbar mota daga kudu. Buhu yana iso musu a kan jika 24, wato sefa 24,000, har da kuɗin mota da na ƴan dako. Suna sayarwa jika 30. Garin yana cin buhu 300 a mako, kowannensu yana sayar da 100. Ribar buhu jika 6, ke nan kowa yana tashi da jika 600 a mako.

Sai ɗaya daga cikinsu ya yi tunanin ya kwashe masu saye. Ya sauke buhu zuwa jika 28. Ribarsa a buhu ta koma jika 4, amma a makon farko jama'a sun yi masa ca, ya sayar da buhu 200. Ya samu jika 800, ya ƙaru da 200 a kan abin da ya saba. Sai dai kasuwar ƙarama ce. Kafin makon ya ƙare yaran sauran biyun sun kai musu labari, ko kuma mai saye da kansa ya faɗa musu, don shi ma yana neman ragi. Ba za su zauna suna kallon buhunansu suna cin ƙura ba, su ma sai su koma jika 28. Yanzu masu saye sun koma inda suka saba. Gero kuwa ba kayan marmari ba ne da za a ninka cinsa don ya yi sauƙi. Iyakarta garin ya sayi buhu 315 maimakon 300. Kowa ya sayar da 105, a riba jika 4, ya tashi da jika 420. Wanda ya fara ragin ya ci ƙarin 200 sau ɗaya, sannan ya shiga asarar 180 kowane mako. Kafin mako biyu su cika, abin da ya ci ya amayar har da ƙari.

Wannan lissafi ba sai an je makaranta ba. Duk wanda ya yi shekaru a bakin ɗakin ajiya ya san shi a ka. Shi ya sa ba ya ragewa. Tsoron abin da sauran za su yi gobe ya ishe shi, ba ya bukatar alkawarinsu.

To idan ya ɗaga shi kaɗai fa? Ya kai buhu jika 32, sauran suka yi zamansu a 30. Ribarsa a buhu ta zama jika 8, amma masu saye sun gudu, ya sayar da buhu 40 kacal, ga waɗanda ke cin bashi a wurinsa da waɗanda ba su zagaya ba. Ya tashi da jika 320. Nan ma asara. Kun ga inda aka tsaya: idan ka rage za a bi ka, idan ka ɗaga kai kaɗai za a bar ka. Wani masani Ba'amurke mai suna Paul Sweezy ya bayyana wannan hali tun a 1939, don nuna dalilin da ya sa farashi a irin wannan kasuwa yake daskarewa wuri ɗaya, ko da kuɗin sayen kayan ya ɗan motsa.

Mai sauraro zai ce, to ai muna ganin farashin yana hawa, kuma tare suke hawa. Haka ne, kuma ga yadda ake yi. A kusan kowace irin wannan kasuwa akwai wanda ake kallo, galibi wanda ya fi jari ko ya fi daɗewa. Shi ne ke fara ɗagawa, kuma ba ya yi sai ya sami dalilin da kowa ya ji labarinsa: an ce gazuwal ya yi wuya, ko hanya ta lalace, ko damina ta yi gardama a kudu. Da safe ya ce buhu ya koma jika 32, sai ya zuba ido. Idan sauran ba su bi ba, kafin la'asar ya dawo 30, asararsa ta wuni ɗaya ce. Su kuma sauran biyun suna nasu lissafin. Sun san in suka ƙi bi, zai dawo, kowa ya ci gaba da jika 600. In suka bi, ko da cinikin kowa ya ragu zuwa buhu 95, riba jika 8 sau 95 ta ba da jika 760. Wanne za su zaɓa? Sai su bi. An yi magana an gama, ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Hausawa suka ce shiru ma magana ce.

Daga nan ne ake gane wani abu da ke ba mutane haushi: farashi yana hawa da gudu, yana sauka da rarrafe. Ranar da kaka ta yi, gero ya karye a kasuwannin Maradi da Damagaram, ba wanda ke gaggawar fara ragewa, domin kowa ya san wanda ya fara bai ci komai ba, ya dai rage wa kowa riba har da kansa. Sai a yi ta jan ƙafa, ana cewa tsohon kaya ne da aka saya da tsada, har sai wata mota ta shigo daga waje ta tilasta.

Wannan zaman na kar-ta-san-kar ba ko'ina yake yiwuwa ba. Yana da sharuɗɗa. Dole masu sayarwa su kasance kaɗan, yadda kowa zai iya sa ido a kan kowa. Dole farashin kowa ya kasance a fili, yadda wanda ya rage ba zai ɓoyu ba. Dole su san cewa gobe ma suna tare, da jibi, da baɗi, domin wanda zai tashi daga kasuwa gobe ba ya tsoron ramuwa. Sannan, wanda ya fi duka nauyi, dole shigowar sabon mai sayarwa ta kasance da wuya.

Ku auna waɗannan da garuruwanmu na arewa. Ingal gari ne na dabino da lambuna da kiwo, hatsin da ake ci kuwa mafi yawansa daga kudu yake zuwa, taliya da madarar gari da makamantansu kuma suna gangarowa daga wajen Aljeriya. Duk wanda zai shiga wannan sana'a da ƙarfi yana bukatar kuɗin cika mota, da ɗakin ajiya, da amintaccen mutum a kasuwar da ake saro kayan, da ƙarfin jure asara idan mota ta kwana uku a hanya. Yana kuma bukatar abin da kuɗi ba ya saya nan take, wato amanar masu saye. Makiyayin da ya saba ɗaukar gero bashi a lokacin rani, ya biya idan dabbobi sun yi ƙiba bayan damina, ba zai bar mai ba shi bashi don ragin jika ɗaya ba. Nisa da jari da bashi, su ne katangar da ke kare masu ciki. Ba laifin kowa ba ne a ce ya mallaki mota. Amma sakamakon shi ne mutum uku ko huɗu ne ke riƙe da cikin gari guda.

Sharaɗin nan na ganin farashin juna yana da wani abin mamaki da ya kamata mu tsaya a kansa. Mun saba ɗauka cewa bayyana farashi kullum alheri ne. A Nijar ma an ga alherinsa: wata masaniya mai suna Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar nan tsakanin 2001 da 2006, lokacin da wayar salula ke bazuwa, ta gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 inda waya ta isa. Ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance, yana kira ya ji inda kaya ke da sauƙi da inda ake nemansu. Amma ku ji abin da ya faru a ƙasar Denmark. A 1993 hukumar kula da gasa ta can ta fara wallafa ainihin farashin da kowane kamfanin kwaɓaɓɓen kankare yake sayarwa, da nufin taimakon masu saye. Cikin shekara guda farashin ya tashi da kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a yankin da aka yi nazari. Dalili kuwa, kamfanonin kaɗan ne, kuma da can kowannensu yana yi wa masu saye ragi a ɓoye. Da aka tona farashin kowa, ragin ɓoye ya mutu, domin duk wanda ya yi za a gani a rama. Darasin shi ne, labarin farashi yana amfanar wanda ya fi iya aiki da shi. Idan mai saye yana da wurin gudu, labarin nasa ne. Idan ba shi da shi, labarin ya zama idon da manyan ke tsaron juna da shi.

Yanzu mu ɗauki kasuwar da ke cikin aljihun kowa, wato ta waya. A faɗin Nijar kamfanoni huɗu ne: Airtel, wanda ya fara da sunan Celtel ya koma Zain kafin ya ɗauki sunansa na yanzu a 2010, Moov Africa, Zamani, wanda ya gaji Orange a 2019, da Niger Telecoms na gwamnati, wanda aka kafa a 2016 da haɗe Sonitel da SahelCom. Ba za a ga kamfani ashirin a wannan fage ba, domin lasisi yana da tsada, kafa eriya a sahara da ba ta wuta da gadinta ya fi tsada. Kowane kamfani yana sanar da farashinsa a rediyo da allunan talla, ke nan ba abin da ke ɓoye wa abokan gasarsa. Duk sharuɗɗan da muka lissafa sun cika. Ba ina cewa sun haɗa baki ba ne. Ina cewa kasuwa mai wannan siffa ba ta bukatar haɗin baki kafin farashi ya yi kama da juna.

A nan arewa ma huɗun ba huɗu ba ne. Wanda ke cikin Yamai yana da zaɓi, ya sa layi biyu a waya ɗaya, ya kira da wanda ya fi sauƙi. Makiyayin da ke nesa da gari kuwa, wanda sai ya hau tudu ya ɗaga waya sama yana juyawa kafin ya kama rezo, kamfaninsa shi ne wanda eriyarsa ta kai wurin. Ko an rage masa ko ba a rage ba, ba inda za shi. Ga kuma lambar da dangi da dillalan dabbobi suka sani, wadda canza ta kamar ƙaura ce ba sallama.

Ku lura kuma da inda gasar take komawa idan an bar farashi ya huta. Tana komawa kan garaɓasa: bonus na dare, ƙarin minti na kwana ɗaya, kyautar da ke ƙarewa kafin ka gama amfani da ita. Dalilin a fili yake. Garaɓasa ana ba da ita yau a janye gobe, ba wanda zai yi ƙorafi. Farashin tushe kuwa in ka sauke shi, mayar da shi sama yaƙi ne. Haka babban mai hatsi zai fi son ya ƙara maka tiya ɗaya a asirce, ko ya kai maka buhu har gida, da ya furta a bainar jama'a cewa buhu ya sauka.

Me ke rusa wannan zama? Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga amsar da idonsu. A 2001 MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a can, suna cajin naira 50 a minti, kuma ko daƙiƙa biyar ka yi, kuɗin minti cikakke za a cire. An yi ta roƙon a koma lissafin daƙiƙa, ana cewa lokacinsa bai yi ba. A watan Agustan 2003 Globacom ya shigo, ya fara da lissafin daƙiƙa tun ranar farko. Ba a daɗe ba sauran suka bi. Me ya bambanta sabon da tsofaffin? Lissafin da muka yi ɗazu ne, amma a juye. Wanda ke da masu saye da yawa, in ya rage, ya rage a kan dukkan cinikinsa. Sabon shiga ba shi da cinikin da zai yi asara a kai, abin da zai samu kawai yake gani. Shi ya sa baƙo ɗaya mai ƙarfi yakan yi abin da shekarun ƙorafi ba su yi ba.

Sai dai ragin mutum ɗaya ba kullum yake kaiwa ga mai saye ba, kuma siminti ya nuna haka. Kasuwar siminti ta Najeriya kamfanoni uku ne suka riƙe kusan dukkanta: Dangote, BUA da Lafarge. A farkon Oktoban 2023 BUA, mai masana'anta a Kalambaina kusa da Sakkwato, ya sanar da sauke buhu zuwa naira 3,500 a bakin masana'anta. Jama'a suka yi murna, amma a kasuwa farashin bai sauka haka ba. Zuwa Fabrairun 2024, ga faɗuwar darajar naira, buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnati ta kira kamfanonin aka tsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Daga baya shugaban BUA, Abdul Samad Rabiu, ya ce dillalai ne suka riƙa saye a farashi mai sauƙi suna sayarwa da tsada. Ko ma yaya aka raba laifin, ƙa'idar a bayyane take: idan wanda ya rage ba shi da kayan da zai wadata duk masu nema, sauran ba su da dalilin binsa. Kayansa za su ƙare, farashin kasuwa ya tsaya inda yake, ragin kuma ya faɗa aljihun na tsakiya. A misalinmu na gero, da mai ragin buhu 100 kawai gare shi, sauran biyun sai su naɗe hannu su jira ya sayar ya gama.

To ina doka? Nijar tana cikin ƙungiyar UEMOA, wadda tun 2002 take da ƙa'idojin da suka haramta wa kamfanoni ƙulla yarjejeniya ko daidaita taku don tsayar da farashi ko raba kasuwa. Addini ma ya riga ya hana ɓoye abinci don a jira tsada, ya hana tare fatake a hanya kafin su iso kasuwa su san farashi. Amma doka tana kama abin da aka ƙulla ne. Ba za ta iya hukunta mutum don ya dubi farashin maƙwabcinsa ya yi lissafinsa ba. Kotun Tarayyar Turai ta faɗi haka a 1993, a shari'ar kamfanonin da ke sayar da ɓargon itacen yin takarda: tafiyar farashi tare ba hujja ba ce, sai in babu wani bayani mai ma'ana da ya rage in ban da haɗin baki. Inda aka sami hujja kuwa ana hukunci. A 2005 hukumar gasa ta Faransa ta ci tarar Orange da SFR da Bouygues yuro miliyan 534, saboda an gano suna musayar bayanan cinikinsu kuma sun daidaita rabon kasuwa a tsakaninsu.

Saboda haka, mai son ya bambance kallon juna da haɗin baki na gaske, ga abin da zai duba. Idan farashi ya tashi a sa'a ɗaya, da adadi ɗaya, ba tare da wani ya fara wasu sun bi ba, kuma babu abin da ya canza a kuɗin saro ko na mota, akwai tambaya. Idan ka je wurin wani ya ƙi sayar maka, ya ce kai mutumin wane ne, koma can, to an raba masu saye. Idan baƙo ya shigo da mota, sai farashi ya faɗi warwas har ƙasa da kuɗin saro, yana fita kuma ya koma sama, an yi taron dangi a kansa. Idan wani ya rage sai aka hana shi wurin sauke kaya ko aka hana masu mota ɗaukar masa, wannan ya wuce lissafi, ya zama tilas. Irin waɗannan su ne abin kai wa hukuma. Amma a ce kawai farashinsu ɗaya ne, wannan ba ya tsayar da shari'a.

Ga hukuncin da sharhin nan ya kai. Zagin ƴan kasuwa ba ya sauke farashi. Yanke farashi da ƙarfin hukuma a kan kayan da ake kawowa daga nesa shi ma yana da haɗari: in an yanke ƙasa da kuɗin kawowa, kaya su ɓace daga kasuwa, in an yanke sama, an ba manyan adadin da za su taru a kai da izinin hukuma. Abin da ke aiki shi ne a rage tsayin katangar. Hanya mai kyau da tsaro, da rage tsaye-tsaye da kashe-kashen kuɗi a shingaye, suna sa mai ƙaramar mota daga Tawa ko Abalak ya ga zuwa Ingal ya biya shi. Hatsin da OPVN ke sayarwa da rahusa yana yin tasiri ne idan ya iso a lokacin da ake bukata kuma da yawan da zai sa manyan su ji a cinikinsu; in ya zo kaɗan, labarin simintin can ne zai maimaita kansa. A fannin waya, aikin hukumar ARCEP ne ta matsa a kai rezo inda babu, a kuma sauƙaƙa wa kamfanoni yin amfani da eriya ɗaya, don mutumin daji shi ma ya sami na biyun da zai koma.

Mu ma masu saye muna da abin yi. Gida ɗaya mai sayen tiya biyar ba ya girgiza kowa. Amma gida hamsin, ko ƙungiyar mata, ko ƙungiyar makiyaya, in suka haɗa kuɗi da kaka suka nemi buhu 100 a lokaci ɗaya, lissafin babban ɗan kasuwa ya canza, domin cinikin ya yi girman da zai sa ya yi ragi ko da sauran za su ji haushi. In ya ƙi, kuɗin ya isa a ɗauki hayar mota a saro daga kudu. Wannan shi ne amfanin bankin hatsi idan an riƙe shi da amana. Kafin ku saya, ku kira ɗan'uwa a Tawa ko Maradi ku ji farashin can, ku ɗora kuɗin mota, ku ga tazarar da ta rage. In kaɗan ce, ku yi wa ɗan kasuwa adalci, nisa ne ya ci kuɗin. In mai yawa ce kuma ta daɗe a haka, to kasuwar tana neman ƙarin mai sayarwa, kuma ba abin da ya hana ku zama shi.

Ga shugabannin gari da na kasuwa kuma, roƙonmu ɗaya ne: duk baƙon da ya zo da kaya na halal, a ba shi wurin saukewa, kada a bari a kore shi da dabara.